Ruwan Kashi Goma: Yadda Jam'iyyun Tsimi Da Tanadi Ke Juya Kuɗi A Kafanchan

Da zarar watan Afrilu ya kama, ruwan farko ya sauka a kudancin Jihar Kaduna, sai saƙonni su fara zuwa Ikko da Badun da Fatakwal daga gida. Wani ƙane yana neman a cika masa ajiyarsa a jam'iyya domin ya sami rancen shuka citta. Wata 'yar'uwa tana neman wanda zai sa mata hannu a takardar lamuni. Wani kuma shawara yake bayarwa, cewa maimakon a bar kuɗi kwance a banki a nan kudu, gara a shiga jam'iyyar tsimi da tanadi ta garinsu, tun da ruwan rancenta kashi goma ne kacal daga cikin ɗari, kuma ana raba riba a ƙarshen shekara.

Mutanen Arewa mazauna kudu da yawa sukan amsa irin wannan kira saboda zumunci, ba tare da sun zauna sun yi lissafi ba. Alhali kuwa lissafin ba shi da wuya. Wanda ya gane abu uku, watau yadda ake ƙidaya ruwan rance, da inda ruwan yake tafiya, da wanda asara ke faɗa wa idan an kasa biya, to ya gane jam'iyyar gaba ɗayanta, kuma zai san ko ya dace ya saka guminsa a ciki.

Daga Adashi Zuwa Rajista

Tara kuɗi a rukuni ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Hausawa suna da adashi, Yarabawa suna da esusu, tun kafin zuwan Turawa. Amma adashi ba ya haihuwa. Abin da mutum ya zuba shi zai kwasa, kuma sai layi ya zo kansa, ko da kuwa matsalarsa ta riga ta wuce. Jam'iyyar tsimi da tanadi, wadda mutane kan kira kofaretib, ta bambanta da adashi ta hanya biyu. Na farko, ba a kwashe kuɗin a watse, ana barinsa ya yi ta taruwa shekara da shekaru. Na biyu, wanda ya ci rance yana mayarwa da ƙari, kuma ƙarin nan na 'yan jam'iyya ne baki ɗaya.

Wannan tsari daga ƙasar Jamus ya samo asali, inda wani magajin gari mai suna Raiffeisen ya kafa irin waɗannan jam'iyyu don manoman karkara a ƙarni na 19. A Nijeriya kuwa, Gwamnatin Turawa ta gayyato wani jami'i mai suna C. F. Strickland, wanda ya yi wannan aiki a Indiya, ya rubuta rahoto a 1934, aka kafa dokar jam'iyyun gama kai a 1935. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956. Dokar Tarayya ta zo a 1993, a matsayin Dokar Soja mai lamba 90. A ƙarƙashinta mutum goma sun isa su yi rajistar ƙaramar jam'iyya, kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa, kuma asalin rance na 'yan jam'iyya ne, ba na mutanen waje ba.

Kafanchan wuri ne da irin wannan sha'ani ya dace da shi. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta iso garin, ya zama mahaɗar layin Kaduna da na Jos a 1927, ma'aikata masu albashi daga sassa daban-daban suka taru a cikinsa. Bayan da harkar jirgin ta ja baya, masu albashi ba su ƙare ba, domin akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da na Ƙaramar Hukumar Jama'a, da na Kwalejin Horon Malamai ta Gidan Waya. A kewayen garin kuma, daga Kwoi zuwa Kachia da Kagarko, akwai manoman citta waɗanda kuɗinsu ke zuwa sau ɗaya a shekara. Mai albashi yana samu kaɗan-kaɗan kowane wata, manomi kuwa yana bukatar kuɗi mai kauri a watan shuka. Jam'iyya ita ce gadar da ke tsakanin waɗannan bukatu.

Ya kamata a bambanta jam'iyya da ƙungiyoyin ba da ƙananan rance, irin su Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta yi suna wajen ba matan karkara rance a rukuni-rukuni daga unguwar Bayan Loco a Kafanchan. Irin wannan ƙungiya ita ce mai jarin, masu karɓar rance abokan hulɗarta ne. A jam'iyya kuwa, mai ajiya da mai cin bashi da mai mallaka duk mutum ɗaya ne. Wannan shi ne ƙarfinta, kuma nan ne haɗarinta yake.

Yadda Ake Shiga, Yadda Ake Ranta

Kowace jam'iyya tana da nata ƙa'idojin a rubuce, amma galibi hanya ɗaya suke bi. Sabon mamba zai biya kuɗin shiga, wanda ba a mayarwa. Zai sayi hannun jari, kana ya ɗauki alkawarin zuba wani adadi kowane wata. Za a ba shi littafin ajiya, inda ma'aji ko magatakarda zai riƙa rubuta duk abin da ya zuba ya sa hannu. Yawancin jam'iyyu ba su ba sabon shiga rance sai ya yi kamar wata shida yana zubi ba fashi. Idan lokaci ya yi, abin da aka fi sani shi ne a ba shi ninki biyu na ajiyarsa, ya kawo 'yan jam'iyya biyu su tsaya masa, kuma ba zai taɓa ajiyarsa ba sai ya gama biya.

Don a ga yadda abin yake a aikace, bari a ɗauki misali. Lambobin da ke tafe na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi, amma tsarin shi ne wanda ake bi.

A ce wata malamar firamare a Kafanchan tana zuba N10,000 kowane wata. Bayan wata goma ta tara N100,000. Sai ta nemi rancen N200,000 don ta yi wa ɗakinta rufin kwano. Kwamitin rance ya amince, da ruwan kashi 10 daga cikin ɗari, a biya cikin wata goma. Ruwan ya kama N20,000. Aka haɗa da uwar kuɗi ya zama N220,000, aka raba gida goma, za a riƙa cire mata N22,000 kowane wata.

Goman Da Ba Goma Ba

A ido, wannan ruwa kashi goma ne. Amma a duba da kyau. Malamar ba ta riƙe N200,000 har tsawon wata goma ba. A watan farko ne kaɗai kuɗin ke hannunta cif. A wata na biyu saura N180,000, a na uku N160,000, haka yake ta raguwa har wata na goma, lokacin da N20,000 kawai ake binta. Idan aka tara waɗannan ragowar guda goma, za a sami N1,100,000. A raba da goma, sai a ga abin da ta riƙe a tsakaice N110,000 ne, ba N200,000 ba.

To, ruwan N20,000 a kan N110,000 cikin wata goma ya haura kashi 18 daga cikin ɗari. Idan aka miƙa shi zuwa shekara guda, watau wata goma sha biyu, zai kai wajen kashi 22. Dalili kuwa shi ne an ɗora ruwan ne a kan dukan kuɗin tun ranar farko, ba a rage shi ba duk da cewa bashin yana raguwa. Wannan shi ne ruwan bai-ɗaya. Akwai wata dabara mai sauƙi ta gane shi: duk rancen da ake biya kashi-kashi kowane wata, aka kuma yanka masa ruwa bai-ɗaya, to ainihin ruwansa ya kusa ninki biyu na abin da aka faɗa.

Wasu jam'iyyu kuma sukan zare ruwan tun kafin su miƙa kuɗin. Watau malamar za ta sa hannu a kan N200,000, a damƙa mata N180,000, ta riƙa biyan N20,000 kowane wata. Ruwan bai canja ba a takarda, amma kuɗin da ta riƙe ya ragu, saboda haka ainihin ruwan ya ƙara hawa zuwa kusan kashi 24 a shekara.

Akwai hanya ta biyu ta ƙidaya ruwa, wadda ake ɗora shi a kan ragowar bashi kaɗai. A ce wata jam'iyya a Zonkwa ta ce nata ruwan kashi ɗaya da rabi ne kowane wata a kan abin da ya rage. Wanda ya ji haka zai ninka da goma sha biyu, ya ce kashi 18 ke nan a shekara, ya gudu zuwa wajen masu kashi goma. Amma a yi lissafi. A watan farko ruwan N200,000 zai kama N3,000. A na biyu, a kan N180,000, zai kama N2,700. Haka zai yi ta sauka da N300 kowane wata har ya kai N300 a watan ƙarshe. Jimla N16,500. Ashe mai kashi 18 ya fi mai kashi 10 sauƙi da N3,500. Bayan haka kuma, wanda ya sami hali ya biya bashinsa da wuri, ruwan ya tsaya ke nan, alhali a tsarin bai-ɗaya sau da yawa sai ya biya shi duka.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai neman rance ba ita ce kashi nawa ba. Tambayar ita ce: nawa za a ba ni a hannu, nawa zan mayar gaba ɗaya, kuma cikin wata nawa?

Abin mamaki shi ne, kashi goman nan ɗaya ya fi yi wa manomi sauƙi. Manomin citta a Kwoi yakan karɓi rance a Afrilu, ya sayi iri, ko Tafin Giwa ko Yatsun Biri, ya biya 'yan ƙwadago da taki da ganyen rufe gona, ba zai biya komai ba sai ya haƙe ya tsaga ya shanya, ya kai kasuwa wajen Disamba. Shi ya riƙe N200,000 ɗinsa cif har wata takwas, ya mayar da N220,000 a lokaci guda. Ruwansa na gaskiya kashi 15 ne a shekara. Malama da manomi sun sa hannu a kan lamba ɗaya, amma ba farashi ɗaya suka biya ba.

Ina Ruwan Ke Tafiya?

Kada a ɗauka cewa jam'iyya ta cuci malamar. Da wajen mai ba da bashi da ruwa na kasuwa ta je, ƙarin ya tafi ke nan har abada. A jam'iyya kuwa, wani kashi zai komo mata. Ga yadda ake rabon.

A ce jam'iyyar tana da mambobi ɗari, kowa da ajiyar N100,000, watau jimla Naira miliyan 10. Da yake kuɗin yana fita yana komowa, a cikin shekara an ba da rance tamanin na N200,000 kowanne. Ruwan da aka tara ya kama N1,600,000. Daga ciki aka kashe N400,000 wajen alawus na akawu, da littattafai, da cajin banki, da kuɗin mai binciken asusu, da hidimar taron shekara. Rarar da ta rage N1,200,000 ce.

Doka ba ta yarda a rabe wannan rara duka ba. Tilas a ware aƙalla rubu'inta a zuba cikin asusun ko-ta-kwana, watau N300,000. A ce an ware N100,000 kuma don ilmantar da mambobi. Saura N800,000. Idan aka raba wannan bisa yawan ajiyar kowa, kowace Naira ɗari za ta sami Naira takwas. Malamar da ke da N100,000 za ta karɓi N8,000. Ke nan abin da ya fita daga aljihunta a zahiri N12,000 ne, ba N20,000 ba. Wasu jam'iyyu ma sukan raba rarar gida biyu, kashi ɗaya bisa ajiya, ɗaya kuma bisa yawan ruwan da mutum ya biya, don a saka wa waɗanda suka kawo ribar.

Amma akwai wani gefe da ba a cika faɗa ba. Rabin rancen da malamar ta karɓa kuɗinta ne na kanta, wanda aka kulle. Sabon kuɗin da jam'iyya ta ƙara mata N100,000 ne kawai. Bayan ta yi biyan wata biyar, abin da ake binta bai wuce abin da take da shi a ajiya ba, amma tana ci gaba da biyan ruwa. Waɗanda suka daɗe cikin harkar suna ganin wannan ba laifi ba ne, domin a ƙarshe ta sami rufin ɗaki kuma ajiyarta na nan ba ta taɓu ba, abin da da wuya ta iya yi ita kaɗai. Gaskiya ne. Sai dai ya kyautu mutum ya san cewa wani ɓangare na ruwan da yake biya ladan horon kai ne, ba ladan kuɗin wani ba.

Mai Ajiya Daga Nesa

Nan ne maganar ta fi shafar mazauna kudu. Mai gadi a Apapa, ko mai sayar da kayan gwari a Mile 12, ko soja a bariki, wanda ya shiga jam'iyyar garinsu yana aikawa da zubi kowane wata, galibi ba ya cin rance. Yana nesa, ba ya halartar taro, ba shi da sauƙin samun masu tsaya masa. Abin da yake samu shi ne Naira takwas ɗin nan a kan kowace ɗari.

A lokacin da farashin kaya yake zaune, wannan riba ce mai kyau. Amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a Disamba 2024 tsadar kaya ta hau da kashi 34.8 daga cikin ɗari a kan ta Disambar 2023. A irin wannan shekara, kayan da aka saya N100,000 sun koma N134,800. Mai ajiya yana da N108,000 bayan an ba shi ribarsa. Kuɗinsa ya ƙaru a littafi, amma abin da zai iya saya ya ragu da kusan kashi ɗaya daga cikin biyar. Wanda ya ci rance kuwa, ko da a kan kashi 22 ne, ya sayi kwanonsa da tsohon farashi, ya biya da Nairar da ta rage daraja. A shekarar tsada, mai ajiya ne ke ɗauke wa mai rance kaya ba tare da ya sani ba.

Wannan ba ya nufin a guje wa jam'iyya. Abin da yake nunawa shi ne amfaninta na ga wanda ke juya ta. Mazaunin kudu da ke da niyyar gina ɗaki a gida, ko sayen fili, ko injin niƙa, gara ya yi ajiyarsa da nufin ya ci rance a kanta ya yi aikin da wuri. Wanda ba shi da irin wannan niyya, ya tsaya a kan ƙaramin zubin da ƙa'ida ta wajabta, ya kuma tambayi abin da aka raba a shekaru ukun da suka wuce kafin ya ƙara ko kwabo.

Wa Ke Biya Idan An Kasa?

Ƙa'idar ninki biyu ba a banza aka yi ta ba. Idan malamar ta tsaya da biya bayan wata biyar, ana binta N100,000 na uwar kuɗi, ajiyarta kuma ta rufe wannan. Ba wanda ya yi asara. Amma idan ta kasa tun daga watan farko, ajiyarta za ta rufe rabi, sauran N100,000 ya faɗa kan mutum biyun da suka tsaya mata, kowa N50,000, a zare daga ajiyarsu. Sa hannu a takardar lamuni ba shaida ba ce ta cewa an san mutum. Alkawari ne na biya. Haka nan kuma a jam'iyyu da yawa mai tsaya wa wani ba zai iya fita da kuɗinsa ba sai wancan ya gama biya. Wanda aka roƙa ta waya ya tsaya wa ɗan'uwa, ya fara tambayar kansa ko zai iya yafe rabin abin da ajiyar ɗan'uwan ba ta rufe ba.

Wannan tsari yana aiki sarai muddin mutane ɗai-ɗai ne ke kasawa. Matsala tana zuwa ne idan abu ɗaya ya sami kowa a lokaci ɗaya. Haka ta faru a daminar 2023, sa'ad da wata cutar ruɓa ta auka wa gonakin citta a kudancin Kaduna. Ganye ya yi ta yin rawaya yana bushewa, saiwa tana ruɓewa a ƙasa, a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da Naira biliyan 12. Manoma da dama sun rasa amfanin shekara, suka rasa har irin da za su shuka a 2024.

A mayar da wannan cikin misalin jam'iyyar nan. A ce talatin daga cikin masu rancenta manoman citta ne, kowa ya karɓi N200,000 a Afrilu da alkawarin biya a Disamba. Ba su biya ko kwabo ba a tsakani, domin haka tsarin nasu yake. Gonaki suka lalace. Bayan an zare ajiyarsu, akwai giɓin N100,000 a kan kowane, jimla Naira miliyan 3. Masu tsaya musu su wane ne? Maƙwabtansu, waɗanda su ma citta suka shuka, su ma ana binsu. Sai a koma ga asusun ko-ta-kwana, wanda ake zuba wa N300,000 a shekara. Sai an yi shekara goma ana tarawa ba a taɓa ba kafin ya rufe wannan giɓi. Idan bai isa ba, sauran ya hau kan ajiyar kowa da kowa, har da ta mai gadin Apapa wanda bai taɓa cin rance ba.

A nan ya wajaba a san wani abu. Hukumar Inshorar Ajiya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, tana biyan masu ajiya har zuwa wani adadi idan banki mai lasisi ya rushe, har da ƙananan bankuna. Ajiyar jam'iyyar gama kai ba ta cikin wannan kariya. Garkuwarta ita ce asusun ko-ta-kwana, da gaskiyar shugabanninta, da idon mambobinta.

Albashi ma ba garkuwa ba ce da ba ta hudawa. Jam'iyyun ma'aikata sun fi samun sauƙin karɓar bashi domin ana cirewa daga albashi kai tsaye. Amma a 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ba da sanarwar cewa 21,780 sun faɗi, aka kuma sallame su daga aiki. Duk jam'iyyar da mambobinta malamai ne zalla, idan irin wannan ta faru, za ta tashi da masu bashi marasa albashi da masu neman fita da ajiyarsu a mako ɗaya. Darasin citta da na malaman ɗaya ne. Jam'iyyar da ta haɗa manoma da ma'aikata da 'yan kasuwa, ta kuma ƙayyade abin da za ta ranta wa sana'a ɗaya, ta fi jure wa mugunyar shekara.

Batun Riba

Kafanchan gari ne na Kirista da Musulmi, kuma sau da yawa suna aiki a ofis ɗaya. Musulunci ya haramta ba da bashi da ruwa da karɓarsa, saboda haka Musulmi da yawa ba su shiga irin wannan jam'iyya, ko kuma su yi ajiya su ƙi karɓar rabon ƙarshen shekara. Hanyar da jam'iyyu marasa ruwa ke bi ita ce ciniki maimakon rance. Idan mamba yana son kwano na N200,000, jam'iyya ce za ta saya ya zama nata, sannan ta sayar masa da farashin da aka yi yarjejeniya a kai, ya biya kashi-kashi, kuma farashin ba ya ƙaruwa don an yi jinkiri. Wannan shi ne murabaha, irin cinikin da Bankin Ja'iz, wanda ya fara aiki a 2012, ya sanar da jama'a. Rancen tsabar kuɗi kuwa, kamar na asibiti, ana bayar da shi ba ƙari. Wanda wannan batu ya shafa ya nemi ganin ƙa'idojin jam'iyya a rubuce tun kafin ya biya kuɗin shiga, ya kuma tuntuɓi malaminsa.

Alamun Da Ake Dubawa

Jam'iyya ba ta mutuwa rana ɗaya, takan daɗe tana nuna alama. Alama ta farko ita ce taron shekara. Idan an yi shekara biyu ba a kira shi ba, ko an kira amma ba a karanta rahoton mai binciken asusu ba, sai ci da sha da rabon atamfa, to akwai abin da ake ɓoyewa. Ta biyu ita ce layin rance. Jam'iyya mai lafiya takan biya mai nema cikin 'yan makonni. Idan jira ya koma wata huɗu ko biyar alhali zubi bai ragu ba, kuɗin ya maƙale a wani wuri, ko dai a hannun waɗanda ba su biya, ko kuma wajen aikin da ke cire wa ma'aikata daga albashi bai miƙa wa jam'iyya ba.

Ta uku ita ce bashin shugabanni. Mamba yana da ikon ya tambaya a gaban taro nawa ake bin 'yan kwamiti, kuma ko sun tsaya a kan ninki biyu kamar kowa. Jam'iyyu da yawa ta nan suka karye, inda mutum uku ko huɗu suka ɗebe rabin asusu, ba mai iya tunkararsu saboda girma. Ta huɗu ita ce alkawarin riba tabbatacciya. Jam'iyya ta gaskiya ba ta san abin da za ta raba ba sai an rufe littafi a ƙarshen shekara. Duk wadda ta ce za ta biya kashi kaza kowane wata, tana kuma karɓar kuɗin kowa ko ba mamba ba, ta sa rigar jam'iyya ne kawai, halinta irin na MMM ne, wanda ya rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016.

Ga wanda ke nesa, matakan kariya kaɗan ne amma suna da ƙarfi. Ya nemi a nuna masa takardar rajista da lambarta, wadda ofishin Daraktan jam'iyyun gama kai na jiha ke bayarwa. Ya aika da zubinsa cikin asusun banki mai sunan jam'iyya, wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a fitar da kuɗi, ba cikin asusun ma'aji ko na wani ɗan'uwa ba. Duk sa'ad da ya je gida, ko Kirsimeti ko Salla, ya kai littafin ajiyarsa a gwada shi da babban littafin jam'iyya. Ya kuma tabbatar an rubuta sunan wanda za a miƙa wa kuɗinsa idan ta Allah ta kasance, domin rashin wannan layi ɗaya ya sha jefa gwauraye da marayu cikin wahala. Idan rigima ta taso tsakaninsa da jam'iyya, doka ta tanadi a kai ta gaban Darakta don sasantawa.

Dokar ta ba mai N100,000 da mai Naira miliyan ɗaya ƙuri'a iri ɗaya, amma ƙuri'a ba ta amfani sai ga wanda ya je taro. Mazauna kudu 'yan gari ɗaya da ke cikin jam'iyya ɗaya za su iya daidaita hutunsu, ko da mutum ɗaya ne daga cikinsu ya halarci taron shekara, ya karɓo kwafin lissafin, a zauna a Agege ko Sabon Badun a duba abu uku: nawa ne a asusun ko-ta-kwana, nawa ne bashin da lokacinsa ya wuce ba a biya ba, kuma kashi nawa na rancen ya tafi ga sana'a ɗaya.